Wai na yi gaggawa a bidiyona

Baban Ummi: Jama'a, raina a ɓace yake. Na rubuta ɗan wasa na sakan 45: miji ya dawo daga kasuwa babu naman da aka aike shi. Duk sakan uku nake canza gaɓa, guda 15 cif, don kar mai kallo ya wuce. Amma kowa cewa yake na yi gaggawa. Mutanenmu ne kawai ba su saba da aikin zamani ba.

Ɗan Fagge: Ba gaggawa ba ce wannan, sauri ne. Duk mai ce maka gaggawa hassada ce ke cinsa.

Malam na Zariya: Sauri da gaggawa ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Ɗan Fagge: Haba Malam! Sauri ya haifi nawa, an ji. Amma mai sauri ya san inda za shi.

Anti Mai Tacewa: Baban Ummi, sau uku na kalla. Yawan gaɓoɓin bai dame ni ba, sai dai kowacce ka ɗora mata sabon labari. A sakan 12 matar ta buɗe leda ta ga wayam, a sakan 13 har maƙwabci ya shigo. Yaushe muka ga fuskarta? Dariyar a fuskar nan take. Bar mu a kanta sakan ɗaya cur, firem 30 ke nan idan hoto 30 a kowane sakan ka ɗauka. Ta ajiye wuƙa a hankali, wannan ma gaɓa ce, kuma ba ta buƙatar kalma ko ɗaya. Sallamar maƙwabcin ta fara shigowa muna kan fuskarta, sannan ka yanka zuwa ƙofa, kunne ya riga ido. Kuma ka daina uku-uku kamar bugun agogo. Yi biyu, biyu, sannan biyar a wurin da ya fi nauyi.

Ƙanin Ango: Ni ma nawa haka yake tsalle idan netwok ba kyau.

Malam na Zariya: A sa kiɗa mai sanyi a ƙasa, shi ke nan.

Anti Mai Tacewa: Kiɗa zai rage kaifin, Malam, amma ba zai dawo da numfashin da aka yanke tsakanin maganganu ba.

Baban Ummi: Numfashin kam na cire duka, Anti. A manhajar CapCut ta waya na yi.

Malam na Zariya: Ka ji matsalar. Aikin waya!

Ɗan Fagge: Ku masu kwamfuta kullum raini. Ina naka bidiyon, Malam?

Malam na Zariya: Tun kana firamare nake riƙe kyamara, yaro.

Baban Ummi: Anti, in na ƙara mata sakan ɗin, zai haura 45 fa. Me zan cire?

Ɗan Fagge: Kar ka cire komai. A taƙaice dai an yarda sauri ne ba gaggawa ba, kuma waya ba ta da laifi. Anti ma gyaran sakan ɗaya kawai ta kawo.