Kayan ranar kare aikin digiri: abin da matan gidanmu suka ce

Ƙanwata za ta kare aikinta na digiri a Dutse, sai muka zauna a tsakar gida da Inna da yayarmu malamar makaranta, ana shawarar abin da za ta saka.

Yaya ta hana ta sabon leshin. Ta ce yana ƙaiƙayi idan zufa ta zubo, ga shi daga ƙauyenmu sai ta yi awa 2 a mota. Atamfar auduga da aka taɓa wankewa ta fi, a ninke ta a jaka, sai ta isa ta canza.

An fi daɗewa a kan mayafi. Gyale yana zamewa duk lokacin da aka ɗaga hannu ana nuna allo, sai malamai su ga kana ta gyara kamar mai tsoro. Yaya ta ce ta sa hijabi mai hannu, ko ta kafe gyalen da fil biyu, ta gwada ɗaga hannu a gida tukuna.

Inna ta ce, “Ke dai cire awarwaro, ƙararsu za ta fi muryarki.” Takalmi kuwa, mara tsini wanda ƙafa ta saba da shi.