Sin mai layi biyu ya tsayar da ni

Sabon Shiga: Assalamu alaikum yayyena. Karon farko ke nan da aka ba ni mataimakin darakta a fim, furodusa ya ce in fitar da abin da kowane sin yake buƙata. Na maƙale a sin 14: "Dare. An kawo amarya ƙofar gidan ango cikin ruwan sama, wayarta ta faɗi ta fashe." Na rubuta amarya, mota, waya. Me ya rage?

Tsohon Hannu: Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ba kowane sin takardarsa. A sama ka sa lamba, ciki ne ko waje, dare ko rana, da tsawonsa idan an raba shafin sikirif gida 8. Sannan ka bi sikirif da kala: ja ga 'yan wasa, shunayya ga kayan riƙewa a hannu, ruwan hoda ga motoci, shuɗi ga abu irin ruwan sama.

Amma abin da marubuci bai rubuta ba shi ke kayar da mutum a lokeshan. Amarya ba ta zuwa ita kaɗai. Ka tambayi darakta 'yan rakiya nawa yake so. In ya ce 12, motoci sun zama 3, kowacce da direba da mai. Waya biyu za ka nema masu kama ɗaya, lafiyayya da wadda aka riga aka fasa wa gilashi. Ruwa kuwa yana son tanka da tiyo da janareto, da fitila daga bayansa, domin ruwan da ba a haska ta baya ba da ƙyar kyamara ke ganinsa.

Ɗan Dorayi: Me ya kai ku hayar tanka? Ku bari sai Agusta, ruwa kyauta.

Tsohon Hannu: Kuɗi zai ragu, gaskiya ne. Sai dai in ruwan ya ɗauke kafin a ɗauki fuskar amarya daga kusa, hotunan biyu ba za su haɗu ba.

Anti Mai Sutura: Ɗana, ka rubuta lafaya biyu iri ɗaya, don in ta jiƙe a ɗauka ta farko ba mai jiran ta bushe. Kuma a gefen kowane sin ka sa ranar da yake cikin labarin. Na taɓa yin aikin da aka ɗauki kai amarya, sai bayan kwana 9 aka ɗauki shigarta ɗaki, alhali a labari dare ɗaya ne. Lallen hannunta ya koɗe, ba wanda ya rubuta shi. Har yau abin yana damuna.

Sabon Shiga: Na gode Anti. Jakar da wayar take ciki fa, a wane layi zan sa ta?

Anti Mai Sutura: Tawa ce, tare da takalmi nake zaɓenta.

Tsohon Hannu: Hajiya, tunda za a buɗe ta a gaban kyamara, ni wajen mai kayan hannu nake kai ta.