Ragowar shinkafa da miyar suna: ya zan yi da su gobe da jibi?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Taron sunan ƙanwata ya watse, an bar ni da abinci. Farar shinkafa kashi biyu ce: akwai ta safe da aka zuba a kula tun wajen sha ɗaya, saura kamar rabin kular, sai tukunyar ƙarshe da aka sauke ƙarfe biyar, ita ko taɓa ta ba a yi ba, tiya guda aka dafa. Ga miyar tumatir da naman sa rabin babbar tukunya. Mu bakwai ne a gidan, kuma maigida ba ya cin abu iri ɗaya sau biyu a jere. Firji akwai, amma kun san wutar Birnin Kebbi a wannan zafin. Ku ba ni shawara don Allah.

Amarya Nafisa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya. Anti ki yi dambu mana, da zogale da gyaɗa, ba wanda zai ce ragowa ce.

Hajiya Kulu Argungu: Amarya, dahwahwa ta ce, ba tsaki ba. Dambu da ɗanyar ɓarzajjiyar shinkafa a ka turara shi. Wadda ta riga ta sha ruwa in kin maida ta madambaci cuɗewa za ta yi.

Amarya Nafisa: Au, ban karanta da kyau ba Hajiya, na ɗauka wadda ba a dafa ba ce ta rage.

Anti Saratu: Maman Hanifa, kafin maganar girki, je ki buɗe kular nan ki tura cokali tsakiya. Tururi na tashi har ba ki iya riƙe shinkafar a hannu, ko ɗumi-ɗumi ce?

Maman Hanifa: Ɗumi-ɗumi ce Anti. An yi ta buɗewa ana ɗiba tun azahar. Amma na sansana, ba ta yi komai ba.

Anti Saratu: To wannan ki cire ta daga lissafi. A asibiti muna ganin irinta bayan biki. Akwai ƙwayar cutar da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa, dafuwa ba ta kashe ta gaba ɗaya. In shinkafar ta zauna da ɗumi awa da awanni sai ta hayayyafa ta saki guba, kuma gubar ba ta mutuwa da ɗumame, ko tafasa ta kika yi. Wani lokacin ba wari ba tsami, sai dai bayan awa ɗaya zuwa biyar da ci ki ga yaro yana ta amai. Awa bakwai a kular da ake buɗewa ya yi yawa. Ta ƙarfe biyar ɗin ita ce taki. Yanzun nan ki juye ta a faranti mai faɗi, ki baza ta kaurin yatsa biyu, ta huce cikin rabin awa, sannan ki raba a ƙananan robobi uku ki sa a firji. Kada ki sa tukunyar ɗungurungum, tsakiyarta zai kwana da ɗumi.

Hajiya Kulu Argungu: Saratu, rabin kula hwa! Mu da munka tashi ba firji ba komai, a ka baza shinkafa bisa tabarma a rana ta bushe ƙarau, a aje. Ban ga wanda ya mutu ba.

Anti Saratu: Hajiya, shanya na yi in an baza ta da zafinta tun rana na sama. Yanzu magariba ta yi, ba ranar da za ta busar da ita, kuma ta riga ta wuni a rufe. Ni dai ba zan ba Hanifa ba.

Hajiya Kulu Argungu: To ki ba kaji, ba a zubar da abinci ƙasa. Ni da gidana ne da manya sun ci da daren nan, amma Saratu ita ta san asibiti.

Maman Sadik Jega: Ni dai tuwo nake mayar da ita. Ki ƙara ruwa, ki mayar wuta ta yi ligif, ki tuƙe. Da safe kowa ya ci da miyar kuka, shi ke nan.

Hajiya Kulu Argungu: Wace iri ce aka dafa tukuna? In gumi ce, wato wadda anka turara da ɓawonta kafin a casa, ba ta kama jikinta. Ki tuƙa har hannunki ya gaji, ƙwaya-ƙwaya za ki gani cikin tuwon, malmala ba ta tsayawa.

Maman Hanifa: Gumi ce Hajiya, 'yar gida, mai tsayawa wara-wara.

Maman Sadik Jega: Ni ma da irinta nake yi ai. Sai dai gaskiya ina barbaɗa garin shinkafar tuwo kamar kofi ɗaya lokacin tuƙi, in bar shi ya sulala.

Hajiya Kulu Argungu: To garin ne ya yi maki aikin. Zai ciwu, amma wagga shinkafa dafa-duka ta fi karɓar ta. Maman Hanifa, ga na gobe da rana. Ki kwashe man da ya taso saman miyar, cokali uku na girki, ki soya albasa babba guda da shi. Ki daka daddawa biyu da attarugu ki zuba, sai busasshen kifi da kika wanke da ruwan zafi kika cire ƙaya. In kin samu na Yawuri ya fi ƙamshin hayaƙi. Kifin da daddawar su za su ɓatar da sawun miyar jiya, maigida ba zai gane ba. Sannan ki zuba miya, ludayi ɗaya ga kowane kofi uku na dafaffiyar shinkafa, ki soya har ruwanta ya ƙone mai ya fito. Nan ne mutane ke kuskure, sai su zuba shinkafa cikin miya mai ruwa, ta caɓe. In ta soyu ki marmasa shinkafar da hannu don firji na dunƙule ta, ki juye, ki juya da kyau, ki yayyafa ruwa da yatsu kawai, ki rufe, ki rage wuta minti goma. Kada ki ƙara gishiri ko magi sai kin ɗanɗana, miyar ta riga ta ji, kuma soyawa na ƙara fito da shi.

Anti Saratu: Sai dai ta tabbata ta yi zafi har ciki, tururi na fita ko'ina. Kuma abin da aka ɗumama sau ɗaya a cinye shi, ba a mayar da shi firji a sake. Shi ya sa na ce robobi uku, ki ɗauko wadda za ki yi amfani da ita ki bar sauran.

Maman Hanifa: Na baza ta yanzu. To in an ɗauke wuta cikin dare fa? Jiya tun sha biyu ba su dawo da ita ba sai hantsi.

Anti Saratu: Firjin da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa huɗu, bayan nan sai a hankali. Ki aiki yaro ya sayo ƙanƙara manya biyu tun yanzu, ki wanke kular nan, in an ɗauke ki jera robobin ciki da ƙanƙarar a sama. In da safe kin taɓa kin ji shinkafar na yauƙi ko tana jan zare tsakanin yatsu, ta tafi.

Inna Ta Gwandu: Miya ita ba ta da wahala ɗiyata. Ki tsame naman daban. Ki tafasa ta da daren ga har ta yi ɓal-ɓal minti goma, ki rufe, kada kowa ya sake sa cokali ko ya buɗe. Da asuba ki sake tafasawa. Yara masu satar nama da hannu su ke lalata miya. In kin ga kumfa a sama ba a kan wuta ba, ko ta yi tsami, ba ta gyaruwa. Naman ki soya shi ya bushe, shi zai kai jibi lafiya.

Anti Saratu: Inna, tafasar na taimakawa, ban musa ba. Amma tunda tana da ƙanƙara, rabin da za a ci jibi gara ya huce ya shiga sanyi. A wannan zafin da ke haura 40 da rana, daga asuba zuwa dare tazara ce mai tsawo.

Inna Ta Gwandu: Da rana ma a ka tafasa, sau uku ke nan. Itace kawai ta ka ci.

Maman Sadik Jega: Kada a manta da ƙanzon tukunyar. Ki bar shi kan garwashi ya ƙarasa bushewa, ki ɓamɓare. Gobe da yamma ki jiƙa shi da ruwan zafi ya yi laushi, ki tsane, ki yi datu da garin ƙuli-ƙuli, tumatir, albasa, yaji da ɗan man gyaɗa. Yarana sun fi son shi a kan shinkafar kanta.

Maman Hanifa: Kai, kin tuna mini gidan kakata. To jibi fa? Litinin ce, yara na da makaranta.

Hajiya Kulu Argungu: Jibi ba za ki ci shinkafar a matsayin shinkafa ba, waina za ta shiga. Gobe da safe ki jiƙa shinkafar tuwo kofi huɗu. Da la'asar ki wanke, ki haɗa da kofi ɗaya na dafaffiyar nan da albasa, a kai inji, a niƙa da kauri. Dafaffiyar ita ka sa cikin waina ya yi laushi. Kada ki ce don ta ƙare ki zuba kofi uku, ƙullun zai yi danƙo, ya kama tanda, waje ya ƙone ciki bai nuna ba. Ki sa yis ƙaramin cokali ɗaya da ɗan sikari, ki rufe ya kwana.

Amarya Nafisa: Hajiya, ni da na bar nawa ya kwana, da safe ya zubo daga robar kuma ya yi tsami sosai. Me ya jawo?

Hajiya Kulu Argungu: Zafi ne, da yawan yis. Lokacin hunturu sai ki sa babban cokali, amma yanzu ƙarami ya isa, kuma sai bayan isha'i za ki sa, a roba mai girma, a tsakar gida inda iska ke kaɗawa. In ya yi tsami duk da haka ki jiƙa 'yar kanwa ki tsiyaya ruwan kaɗan-kaɗan kina ɗanɗanawa. In ta yi yawa wainar za ta yi ja-ja ta yi warin kanwa.

Inna Ta Gwandu: Miyar da ta rage kuma ki maida ta taushe. Ki dafa kabewa ki dame ta, ki zuba cikin miyar da ruwa kofi biyu, da niƙaƙƙiyar gyaɗa rabin kofi, da daddawa. Ki bar gyaɗar ta dahu har mai ya taso, in ba haka ba tana gaɗa-gaɗa a baki. Alayyafo da ɗan yakuwa su ne ƙarshe. Sai ki maida soyayyen naman.

Maman Hanifa: Allah ya saka. Amma na lissafa, dafa-duka za ta ci roba biyu, waina kofi ɗaya kacal. Ragowar ta ukun fa?

Maman Sadik Jega: Kunun gyaɗa gobe da safe. Ki tafasa ruwan gyaɗar, ki zuba shinkafar ta ƙara dahuwa a ciki, sannan ki ɗaure da gasara da ruwan tsamiya.

Hajiya Kulu Argungu: Gumi a kunu? Ba ta narkewa, za ki ji ta tsaye a baki.

Maman Sadik Jega: Mu a haka muke son shi, a sha a tauna.

Maman Hanifa: Zan gwada kaɗan in ga ko za su sha. Hajiya, tandata ta ƙarfe ce mai gida bakwai, tana kamu. Ta ƙasa zan aro?

Hajiya Kulu Argungu: Ba sai kin ara ba. Ki shafe ta da mai ki ɗora a wuta ta yi hayaƙi, ki goge, ki sake shafawa kafin ki zuba ƙullu. Zubin farko zai kama ko ya aka yi, na biyu ba zai kama ba.