Yaro ya fasa kai a aji: me kuke rubutawa a rahoton da za a sa a fayil?

Malamar aji huɗu:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman waɗanda suka taɓa rubuta irin wannan rahoto su faɗa mini yadda suka yi. Jiya Talata, wajen ƙarfe 10:40 na safe, ina rubutu a allo sai na ji ƙarar faɗuwar kujera. Ina juyowa na ga wani ɗalibina ɗan shekara 9 a ƙasa, jini na zuba daga ƙeyarsa. An kai shi asibiti, an yi masa ɗinki uku, yanzu yana gida da sauƙi. Wasu yara sun ce na bayansa ne ya ja kujerar. Shi kuma na bayan ya rantse cewa yaron ne ke lilo da ita a kan ƙafa biyu. Shugaban makaranta ya ce in kawo rahoto yau. Abin da na fara rubutawa shi ne: "Wani ɗalibi ya ja kujerar abokinsa, ya faɗi ya fasa kai, amma ciwon ba mai tsanani ba ne." Ya yi haka?

Malamin lissafi:
Wa alaikumus salam. Malama, ni dai abin da na koya shi ne a taƙaita. Layi uku ko huɗu ya isa: rana, lokaci, sunan yaro, an kai shi asibiti. Kada ki saka ra'ayinki ko kaɗan. Kuma zancen kina rubutu a allo, ki bar shi, don gobe wani zai ce ba ki kula da aji ba.

Tsohuwar shugabar makaranta:
Malam, maganarka ta barin ra'ayi gaskiya ce, amma ta ɓoye inda take tsaye ban yarda da ita ba. Yara duk aji sun ga tana fuskantar allo. Idan rahoto bai faɗa ba, ranar da uban yaro ya ji daga bakin ɗansa, sauran abin da ke takardar ma ba zai ƙara yarda da shi ba. Malami kuma ba ya rubutu a allo sai ya juya baya, wannan ba laifi ba ne.

'Yata, jimlar nan taki guda ɗaya akwai abu biyu a cikinta da ba ki da hurumin faɗa. Na farko, "ya ja kujerar". Ke a nan jiyau ce, ba ganau ba. Abin da kika shaida ya fara ne daga ƙarar da kika ji da abin da idonki ya tarar da kika juyo. Jan kujera kuwa magana ce ta yara, don haka sai ta shiga a matsayin maganar yara, a ce wane ya ce kaza, da kalmominsa. Na taɓa karɓar rahoto daga wani malami da ya rubuta cewa yarinya ta soki 'yar'uwarta da fensir a hannu. Iyayen wadda aka ɗora wa laifi suka zo, muka zauna da yaran ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi wadda ta ji ciwon ce ta kai hannu za ta fizge fensirin. Amma takarda ta riga ta shiga fayil da sa hannun malami, kuma mun sha wahala kafin iyayen nan su huce.

Na biyu, "ba mai tsanani ba ne". Wannan hukuncin likita ne. Ke ki faɗi abin da ake iya gani da aunawa, ki bar wa mai karatu ya yanke.

Sannan ki tambayi shaidu a ware, ba a gaban aji ba. In kika tsaya kika ce "wa ya ga abin da ya faru?", wanda ya fi baki zai fara magana, sauran su bi shi, har wanda kansa ke sunkuye yana rubutu zai ce ya gani. Ki kira su ɗai-ɗai, ki ce "faɗa mini abin da ka gani", kada ki ce "ka ga lokacin da wane ya ja kujera?" don kin riga kin sa masa amsa a baki. Ki kuma rubuta inda kowanne yake zaune.

Malam mai kula da ladabtarwa:
Ni a wajena abin da ya fi muhimmanci shi ne a hukunta wanda ya ja kujerar. A makarantarmu irin wannan dakatarwa ce ta mako guda, a kira ubansa ya biya kuɗin magani. In ba a yi haka ba gobe wani ma zai yi.

Tsohuwar shugabar makaranta:
Malam, ai ba a kai nan ba tukuna. Ba a ma tabbatar an ja kujerar ba. Hukunci takardarsa daban, kuma shugaba ne zai yi shi bayan ya karanta wannan.

Nas ɗin makaranta:
Hajiya ta gama magana kan shaida, bari in ƙara ta ɓangaren ciwon, don nan ne rahotannin malamai suka fi zuwa mini a gurguje. "Ya fasa kai" ba ya gaya mini komai. Ina ne a kan? Goshi, gefe, ko ƙeya? Dama ko hagu, kuma daman yaron, ba taki ba da kike kallonsa. Tsawon yankan nawa, ko da kimantawa ce, a ce kamar santimita 2. Akwai kumburi? Jinin ya tsaya da aka danna, kuma bayan minti nawa? Fatar kai tana zubar da jini sosai ko da yankan ƙarami ne, shi ya sa yawan jini a riga ba ya nuna girman rauni.

Abin da likita ya fi buƙata a bugun kai shi ne halin da yaron ya shiga nan take. Ya suma, ko na daƙiƙa kaɗan? Ya yi kuka nan da nan? Ya gane ki, ya faɗi sunansa? Ya tuna yadda ya faɗi? Ya yi amai, kuma sau nawa? Ko amsar "a'a" ce, ki rubuta ta. "Bai suma ba, bai yi amai ba" bayani ne mai amfani, shiru kuwa ba a san ko ba a duba ba ne.

Dalilin da nake nacewa kan lokaci shi ne bugun kai yana iya yin shiru sannan ya bayyana daga baya. Na ga yaron da ya bugu da safe, ya koma aji yana wasa, da yamma a gida ya fara amai da barcin da ba a iya tashinsa da sauƙi. Tambayar farko da aka yi a asibiti ita ce ƙarfe nawa ya bugu, kuma takardar makaranta ce ta ba da amsa. Don haka a rubuta cewa an gaya wa iyaye su sa ido kwana ɗaya zuwa biyu, su koma asibiti da gaggawa in sun ga amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, rikicewa, jijjiga, ko ruwa ko jini na fita ta hanci ko kunne. A rubuta wa aka gaya wa, kuma wa ya gaya masa.

Uban yara uku:
Ni ba malami ba ne, amma an taɓa miƙo mini irin takardar nan. 'Yata ta zame a aji ta dafa ƙasa da hannu. Rahoton ya ce "ta ɗan gurɗe, an shafa mata magani". Ba lokaci, ba sunan maganin, ba a kira ni ba sai da aka tashi. Washegari hoto ya nuna tsagewar ƙashi a wuyan hannu. Wallahi faɗuwar ba ta ɓata mini rai ba, yaro dole ya faɗi. Kalmar "ɗan" ɗin nan ce ta tsaya mini, don na ga kamar an rubuta ne don a rufe ni. Da sun ce ta faɗi ƙarfe kaza, hannun ya kumbura, ta kasa riƙe biro, mun kira ka ƙarfe kaza ba ka ɗauka ba, da godiya zan yi.

Malamar aji huɗu:
Na gode ƙwarai. Ga yadda na sake shi, na cire sunaye a nan:

"Ranar Talata, wajen ƙarfe 10:40 na safe, a aji huɗu, lokacin darasin lissafi, ina rubutu a allo na ji ƙarar faɗuwar kujera. Ban ga faɗuwar ba. Da na juyo na tarar da ɗalibi A kwance a bayansa tsakanin layi na uku da na huɗu, kujerarsa ta kife ta baya, yana kuka. Akwai yanka kamar santimita 2 a ƙeyarsa ta ɓangaren hagu, da jini a gefen teburin da ke bayansa. Na danna wurin da bandeji mai tsabta, jinin ya tsaya bayan kamar minti 10. Bai suma ba, bai yi amai ba, ya amsa sunansa. Ƙarfe 10:50 shugaban makaranta ya kira mahaifinsa a waya. Ƙarfe 11:05 aka tafi da shi asibiti tare da mataimakin shugaba. A ya ce: 'An ja mini kujera.' B, wanda ke zaune bayansa, ya ce: 'Ban taɓa ta ba, lilo yake yi.' C, da ke gefen B, ta ce ta ga ƙafar B a jikin kujerar amma ba ta ga ya ja ba. Na duba kujerar, ƙafafunta huɗu lafiya suke."

Tsohuwar shugabar makaranta:
Madalla, wannan kam ko bayan shekara biyar aka ɗauko shi za a gane abin da ya faru. Duba kujerar da kika yi ya burge ni, don da karyayyiya ce, magana ta koma kan makaranta. Ki ƙara cikakken kwanan wata, da ranar da kika rubuta rahoton, tunda ba ranar da abin ya faru ba ce, sannan ki sa hannu. Zancen ɗinki uku ki ce wa ya gaya miki, ko ki haɗa da takardar asibiti. Da biro za ki rubuta. In kin yi kuskure ki ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karanta na ƙasa, ki gyara a gefe ki sa hannu, kada ki goge. In wani bayani ya fito gobe, ki ƙara shi a ƙasa da kwanan watansa, ba a sake sabuwar takarda a yar da ta farko.

Malamin lissafi:
Hajiya na karɓi gyara kan zancen allo. Amma sunan B fa? In uban A ya nemi kwafi ya ga sunan, rigima ce tsakanin gida biyu.

Nas ɗin makaranta:
Mu kwafin fayil yana ɗauke da cikakkun sunaye kuma a kulle yake a ofis. Wanda ake ba iyaye "wani ɗalibi" kawai ake sawa.

Uban yara uku:
Ɗana zai faɗa mini sunan tun kafin mu isa gida, to me aka ɓoye? Ni na fi son a ba ni takardar yadda take.

Nas ɗin makaranta:
Baban yara, abin da ɗanka ya faɗa maka daban, abin da makaranta ta sa wa hannu ta miƙa maka daban. B ma yaro ne, kuma har yanzu ba wanda ya ce ya ga ya ja kujerar nan. Malama, ki tambayi shugabanku ko hukumar ilimin da ke kula da ku tana da fom ko ƙa'ida kan wannan kafin a ba kowa kwafi.