Hannun jarin ya tashi daga ₦20 zuwa ₦32, yanzu ya dawo ₦27.40: tuta ce ko faɗuwa?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani hannun jari a NGX, kasuwar hannun jari ta Najeriya, ya yi wata biyu yana yawo tsakanin ₦17 da ₦20, sai ya ɓalle, cikin kwana biyar ya kai ₦32. Na sayi guda 5,000 a ₦24.20. Yau kwana takwas ke nan yana saukowa a hankali, jiya ya rufe a ₦27.40. A ganina tutar bijimi ce, watau ɗan hutun da farashi ke yi bayan gudu kafin ya ci gaba da tashi, amma gabana ya fara faɗuwa. Yaya ake gane hutun ya yi zurfi da yawa? Ina da ₦200,000 da nake so in ƙara.

Sani Mai Canji: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan uwa. Ja Fibonacci, ma'aunin da ke nuna kashi nawa na tashin farashi ya mayar, daga ₦17 zuwa ₦32, za ka ga kashi 31 cikin ɗari kawai ya mayar. Ni sai ya keta kashi 61.8 nake fara damuwa. Ƙara abinka kafin jirgi ya tashi.

Malam Baban Halifa (Idi-Araba): Sani, da gyara. Sandar tuta tana farawa ne daga inda gudun ya fara, watau ₦20. Waccan ₦17 ƙasan tsohon zaman kasuwa ce, in ka sa ta cikin lissafi ka ƙara wa sandar tsayin da ba nata ba, sai ramin ya yi kama da ƙarami. Sandar nan naira 12 ce. Ya mayar da ₦4.60, kashi 38 cikin ɗari ke nan, ya ɗan wuce kashi ɗaya bisa uku. Rabin sandar yana ₦26. Shi kuwa 61.8 naka, a kan wannan sandar, yana wajen ₦24.60, dab da inda yaron nan ya saya, ribarsa ta tafi kafin ka fara damuwa.

Ni dai a nawa aikin, tutar da na fi yarda da ita ba ta wuce kashi ɗaya bisa uku. Daga nan zuwa rabi ina sa ido. In ya rufe ƙasa da rabi na daina kiran ta tuta, ko da daga baya ya sake tashi, to wani abu ne daban ya tashe shi. Kuma farashin rufewa nake kallo. Lagwanin kyandir, siririn layin da ke nuna iyakar inda farashi ya taɓa a jadawali, ya leƙa ƙasa da rana ya dawo kafin a tashi kasuwa, wannan ba ya tayar mini da hankali.

Dalilin da ya sa zurfi ke da illa shi ne mutanen da aka bari a sama. Duk wanda ya saya a ₦30 ko ₦31 yanzu yana cikin asara, addu'arsa ɗaya farashi ya dawo ya karɓi kuɗinsa ya gudu. Iya saukowar farashi, iya yawan waɗannan mutane. Ranar da ya yunƙura zai tashi, su zai tarar a bakin ƙofa da kayansu a hannu.

Hajiya Mai Atamfa (Balogun): Ni dai tun da wani kwayin ya yi mini irin wannan tutar na daina yarda da zane-zane. Na saya da daddare, na yi sallar asuba na duba waya, rabin kuɗin ya tafi. Ka sayar kawai ɗana, riba kaɗan ta fi babu.

Sani Mai Canji: Hajiya ai wannan kirifto ne. A NGX farashi ba ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa a rana guda, ba za a raba shi biyu yana barci ba.

Malam Baban Halifa: Gaskiya ne, amma wannan iyakar ita ma tana da nata tarkon. In masu sayarwa suka cika layi a farashin ƙasa babu mai saye, abin da dillalai ke kira ful ofa, kana so ka fita babu wanda zai karɓa, gobe a sake wani kashi 10. Ka tuna da wannan kafin ka dogara da sitof-los, umarnin a sayar maka in farashi ya sauko wani mataki.

Abin da ya fi damuna a bayaninka ma kwanakin ne. Gudu ya ɗauki kwana biyar, hutu ya kai takwas. Tuta takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku a jadawalin kullum, saboda haka ba ta lalace ba tukuna, sai dai ya kamata a ce kyandirorin suna ƙanƙancewa, saukowar tana yin sanyi. Buɗe jadawalin ka faɗa mana abu biyu: guda nawa ake cinikinsa kullum lokacin tashi, nawa kuma a kwanakin nan takwas? Sannan ka duba ko an cire ribar shekara daga farashin. Ranar da aka cire ta farashi yakan ragu da daidai adadinta. In naira ɗaya ce, ainihin saukowar ₦3.60 ce, kashi 30, ka ga magana ta canza.

Ɗan Agege: Na gode Malam, Allah ya ƙara girma. Na duba yanzu a cikin danfo, mun maƙale a Oshodi. Ba a cire ribar shekara ba. Lokacin tashi wajen miliyan 5 kullum. Kwana bakwai na farkon hutun bai wuce miliyan 1.5 ba. Amma jiya miliyan 4.8, ya sauko daga ₦28.60, ya rufe a ƙasan kyandir ɗin.

Malam Baban Halifa: To jiyan nan ce matsalar. Kwana bakwai ɗin lafiya lau, ƙananan masu cin riba ne ke fita babu mai bin su. Amma a ce rana mafi yawan ciniki a cikin hutun ita ce ranar faɗuwa mafi girma, wani mai nauyi ne ke sauke kaya. Da a ce ₦27.40 ɗin nan a hankali ya same ta da ciniki kaɗan, da ban ce komai ba.

Game da ƙarin, bari mu yi lissafi. Ja layi a kan kololuwar kwanakin hutun, ina tsammanin zai faɗo wajen ₦29.50. Ba na saye sai ya rufe a samansa da ciniki mai kauri. Ka saya a ₦29.50, ka sa mafita a ₦26.90, kasadar ₦2.60 ke nan a kan kowane guda. Daga nan zuwa tsohuwar kololuwa ₦32 kuwa ₦2.50 ne kacal, ga kuɗin dillali shiga da fita. Masu ɗora tsayin sanda a kan wurin ɓallewa za su ce maka ₦41.50, amma sai an wuce ₦32 tukuna. Da tutar ta tsaya a ₦30, da kasadar ba ta wuce naira ɗaya da rabi ba. In abin da za ka iya jure asararsa ₦13,000 ne, guda 5,000 za ka ƙara, ₦147,500, sauran kuɗin su zauna a aljihu.

Sani Mai Canji: Na karɓi gyaran ₦20 ɗin. Amma Malam, miliyan 4.8 ɗin nan zai iya zama ciniki ɗaya ne tsakanin manya biyu, dillali ya haɗa su. Na sha gani. A duba yawan cinikayyar da aka ƙulla jiya, in ba ta ƙaru ba to ba gudu ake yi ba.

Malam Baban Halifa: Yana yiwuwa, a duba. Sai dai ko da haka ne, mai sayarwar ya yarda ya saki a ƙasa, ni wannan bai kwanta mini ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ku yi ta lissafi. Ɗana, ko rabi ka sayar.

Ɗan Agege: Ƙarin dai na dakatar. Na rubuta ₦26 a takarda na manna a bayan waya. Maganar sayar da rabi kuwa sai na ga yadda zai buɗe ranar Litinin. Yaya Sani, a wane shafin manhajar ake ganin yawan cinikayyar?