Abin da muka tattara kan rubutun ƙasan bidiyo a YouTube

Muhawarar masu ɗora bidiyo na Damagaram ta yi tsawo, ga abin da aka tsayar.

1. Kowa ya yarda layuka biyu na farko ne suka fi nauyi, domin su ake gani kafin a danna a buɗe sauran. A sa sunan abin da garin, kamar “Yadda ake ɗinka takalmin fata a Zinder”, ba doguwar gaisuwa ba.

2. Lokutan babi, wato waɗanda ake rubutawa don su raba layin bidiyo kashi-kashi, su ne suka fi cin magana. Sharaɗi uku ne: na farko ya fara da 0:00, su kai uku aƙalla a jere, kowane babi kada ya gaza daƙiƙa 10. An kawo misali:

```
0:00 Gabatarwa
1:20 Yankan fata
4:05 Ɗinki
```

Idan layin bidiyon bai rarrabu ba, galibi 0:00 ɗin aka manta. A ganina nan yawancinmu ke tuntuɓe.

3. Adireshin shafi a rubuta shi cikakke da https:// a gaba, in ba haka ba ba ya dannuwa. Sabuwar tasha sai ta tabbatar da asusunta tukuna.

4. Inda aka rabu: Zinder ko Damagaram? Wasu sun ce ’yan waje Zinder suke nema, wasu sun ce ’yan gida ba sa kiransa haka. Masu rinjaye sun ce a sa duka biyun cikin jimla ɗaya, a ƙara layi guda da Faransanci.