Neman kalma: me za mu kira katakon da ake kafawa a jirge a jikin akurkin kaji?

Mai Kaji a Rigasa: Assalamu alaikum. Iskar farkon daminar bana ta karkatar min da akurki. Ba ta ɗauke kwano ba, katako ko ɗaya bai karye ba, amma ɗakin gaba ɗaya ya kwanta gefe guda, har ƙofar ta ƙi rufuwa, sai da igiya na riƙa ɗaure ta. Kafintan da ya zo dubawa ya girgiza shi da hannu ɗaya ya ce, "Hajiya, ai ba a sa masa biresin ba." Yana nufin katakon da ke tasowa daga kusurwar ƙasa zuwa kusurwar sama ta ɗaya gefen. Yanzu ina rubuta wa matan ƙungiyarmu bayanin yadda za su sa a yi musu nasu, kuma ba na son in rubuta kalmar da rabinsu ba su taɓa ji ba. Mene ne sunansa da Hausa?

Ɗan Kawo: Wa alaikumus salam. Ai giciye ne, Hajiya. Katakon giciye.

Kafinta a Panteka: Ɗan'uwa, ka kusa amma da saura. Idan ka ce wa yarona ya sa giciye, kwance zai buga shi daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, kuma irin wannan akurkin Hajiya yana da su tun farko, ga shi ya karkace. Dalili kuwa, firam mai kusurwa huɗu da aka haɗa da ƙusa yana juyawa a kan ƙusoshin kamar almakashi. Ko giciye goma ka ƙara, tare za su juya. Amma da zarar ka ratsa shi da katako daga kusurwa zuwa kusurwa, ka raba shi gida biyu masu kusurwa uku-uku, shi kuma mai kusurwa uku ba ya sauya siffa sai in wani gefensa ya karye ko ya tsinke daga mahaɗarsa.

Hajiya, bangon naki nawa ne tsawonsa da tsayinsa?

Mai Kaji a Rigasa: Ƙafa 8 tsawo, ƙafa 6 tsayi, Malam.

Kafinta a Panteka: To kin yi sa'ar awo. Daga kusurwa zuwa kusurwa ƙafa 10 zai ba ki cif, don haka katakon tu-bai-tiri guda, wato mai kaurin inci 2 da faɗin inci 3, mai tsawon ƙafa 12, ya ishi bango ɗaya har da ragowa. Kafin a buga shi, a ja tef a kan ratsin biyu, wato daga kowace kusurwar ƙasa zuwa kusurwar sama ta ɗaya gefen. In ɗaya ya nuna ƙafa 10 da inci 2, ɗayan kuma ya gaza ƙafa 10, firam ɗin a karkace yake, a tura shi har su zo daidai. Wanda ya buga kafin ya auna, ya kulle karkatar ke nan har abada. Sannan kada a yanke shi da lissafi kawai. A ɗora shi a jikin firam, a zana da fensir inda ya haɗu da ginshiƙi, a yanka a kan zanen don bakinsa ya zauna ɗas a cikin kusurwa.

Abin da yawanci ake kuskure shi ne a manna shi ta waje da ƙusa ɗaya sama ɗaya ƙasa. Katakon nan ya fi ƙarfi idan ana danna shi, domin a lokacin itace ne ke tokare da itace. Idan iska ta juyo ta ɗaya gefen, jan sa ake yi, ƙusa kaɗai ke riƙe da shi. Shi ya sa nake son bangon gaba da na baya su saɓa, wannan ya jirga gabas wancan ya jirga yamma.

Malamar Hausa a Unguwar Rimi: Malam, kai da kanka ka faɗi kalmar ba ka lura ba. Ka ce itace ne ke tokare da itace. Muna da matokari, sandan da ake tokare ƙofa ko danga da shi. Ni a ganina daga nan ya kamata mu ɗauko.

Baban Yara a Kakuri: Haka ne Malama. Ni ma da katangar zanana ta fara faɗuwa, matokari biyu na sa mata ta waje, na binne gindinsu, har yau tana tsaye. Hajiya ta samo sanduna biyu masu gwafa, magana ta ƙare.

Malamar Hausa a Unguwar Rimi: Ka ga matsalar da na ji tsoro ke nan, Baba. Da aka ce matokari, hankalinka ya tafi kan sandan da ke tsaye a ƙasa ta waje. Wanda muke nema a cikin jikin firam yake, ba ya taɓa ƙasa. Ke nan sai an ƙara masa wani abu. Me kuka gani game da "tokarin ciki" ko "tokarin jirge"?

Kafinta a Panteka: Tokarin jirge ya shiga kunnena. Akwai kuma gajeren, kamar ƙafa 2, da muke sawa a kusurwar sama inda dogon zai tare ƙofa ko wurin ɗiban ƙwai. Shi sai a ce tokarin kwana. Ƙofar ma tana son nata, Hajiya: ya taso daga ƙasa ta gefen hinji zuwa sama ta gefen sakata. In aka juya shi, nauyin ƙofar jan sa zai yi, bakinta ya soma sharar ƙasa.

Ɗan Kawo: Ni dai gaskiya, in ka je kasuwar katako ka ce tokarin jirge, kallonka za a yi. Biresin kowa ya sani.

Mai Kaji a Rigasa: Kafintoci suka sani, ƙanena. Matan da nake rubuta wa su ne masu biyan kuɗin aikin, kuma ina son in mace ta karanta ta gane abin da za ta duba da idonta. Zan rubuta tokarin jirge, in faɗa musu sau ɗaya cewa kafinta biresin yake ce masa.

Saura ɗaya. Da aka kwance tsohon, inda katako ya haɗu da katako ya yi baƙi, na sa farce ya nutse, alhali tsakiyar katakon lafiya lau. Haɗin da ruwa ba ya ci fa, me za mu ce masa?

Kafinta a Panteka: Babu haɗin da ruwa ba ya shiga, akwai dai wanda ba ya riƙe shi. Bakin katako inda zarto ya yanka yana shan ruwa fiye da jikinsa nesa ba kusa ba, kuma gindin tokarin nan a kusurwar ƙasa yake, inda duk ruwan da ya gangaro ta jikinsa ke taruwa. Don haka a shafa maganin gara a bakin yankan kafin a buga, ba bayan an gama ba, a bar shi ya bushe sosai kafin kaji su shiga. A ɗora ginshiƙai a kan bulo kada su taɓa ƙasa. Kwano ya zarce bango da kamar ƙafa biyu, musamman ta gabas inda hadarinmu ke tasowa. In an fafe gurbi a jikin katako, ƙasan gurbin ya ɗan gangara waje. Kuma a guji ɗanyen katako, domin hunturu na zuwa zai motse, haɗin ya buɗe baki, damina ta samu hanya.

Malamar Hausa a Unguwar Rimi: To ashe "mai hana ruwa" da na yi niyyar kawowa bai dace ba. Ko "haɗi mai tsiyayar da ruwa"?

Kafinta a Panteka: Ma'anar ta fito, Malama, amma ya yi wa bakin mai aiki tsawo. Ba na jin zan iya kwala wa yaro wannan ina saman tsani.

Mai Kaji a Rigasa: Zan bar wurinsa a buɗe a takardar tukuna. Malam, tokarin jirge nawa zan ce a saya in akurkin ƙafa 8 ne ta kowane gefe?

Kafinta a Panteka: Tu-bai-tiri huɗu, ɗaya a kowane bango. Bangon da ke da ƙofa a yanka nasa a yi tokarin kwana, ragowar ta tafi jikin ƙofar.